Jawabi ga ƙungiyar asusun mata kan mayar da kuɗin akwati banki

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunmu da fitowa. Hajiya shugaba ta ba ni ɗan lokaci kafin a buɗe akwati, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Mu fara da lissafin da ke littafinku. Ku 24 ne. In aka haɗa mai zuba ɗari biyar da mai zuba dubu biyu da ɗari biyar, duk mako ana tara kusan naira 36,000. A mako 40 kuɗin sun kai 1,440,000, ban da ribar sana'a. A tsakiyar shekara ba matsala, domin yawancinsu suna hannun masu rance. Amma wata guda kafin rabo, bayan an sayar da riɗi da shinkafa kowa ta biya bashinta, duk kuɗin nan suna komawa cikin akwati ɗaya, a ɗakin mace ɗaya. Kuma kowa a garin nan ya san watan rabo.

Makulli uku da ke hannun mutum uku dabara ce mai kyau, tana hana 'yar ƙungiya ɗaya buɗewa ita kaɗai. Sai dai ɓarawo ba ya neman makulli. Akwatin zai saɓa a kafaɗa, ya je bayan gari ya fasa da gatari. Abin da ya fi asarar kuɗin muni shi ne kun sa ran mai ajiya da na 'ya'yanta cikin haɗari, saboda amanar da ba a biyanta ko sisi a kanta.

Ban da ɓarawo akwai wuta, akwai ruwa, akwai gara. Daga naira biyar zuwa hamsin leda ce, amma ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar da dubu takarda ce ta auduga, wato manyan kuɗin su ne masu lalacewa. In aka binne su a tukunya ko aka tura ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa, danshin damina yakan manne su su yi funfuna, gara ta bi ta ci. Hunturu kuma lokacin kaskon wuta ne a ɗaki. Ambaliyar 2022 a nan yankin Haɗejiya ba sai na tuna muku ba, wanda ruwa ya shigo wa da dare yara yake ɗauka, ba ya tsayawa tonon tukunya. Takarda in ta ƙone ta ƙone, ba wanda za ki je wa da toka ya biya ki.

Kuɗin banki rubutu ne da sunanki a cikin na'urarsu. Ko ginin reshen ya ƙone, rubutun yana nan. Ko wayarki ta faɗa rijiya, kuɗin ba a cikin wayar suke ba, za ki je a yi miki sabon layi da lambarki ta da, ki ci gaba.

Na san abin da ke ran wasunku: in bankin ne ya durƙushe fa? Yakan faru. A watan Yuni na 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙwace lasisin Heritage Bank. Amma akwai hukumar gwamnati, NDIC, da aka kafa tun 1988 don ta tsaya wa masu ajiya. Daga 2024 tana biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5 in babban bankin kasuwanci ne, miliyan 2 in ƙaramin banki ne na maikurofainans. Masu ajiya a Heritage da yawa ta hanyar BVN aka gano asusunsu na wani bankin aka tura musu. Ku lura da abu biyu. Asusun ƙungiya mutum ɗaya ake ɗaukarsa, ba 24 ba, saboda haka in kuɗinku suka doshi miliyan biyu, babban bankin kasuwanci ya fi dacewa da ku. Na biyu, wannan kariya ta masu lasisi ce kawai. Duk wanda ya kama shago ya kafa allo, yana cewa zai ninka muku kuɗi a wata uku, ba banki ba ne, NDIC ba ruwanta da shi. Ku duba tambarinta a ƙofa, ku kuma tambaya.

Masu damuwa da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus.

Ga yadda za a yi. Ku zaɓi mutum uku masu sa hannu, a rubuta wa banki cewa sai biyu daga cikinsu sun sa hannu kuɗi zai fita. Kada ukun su fito daga gida ɗaya. Kowace ta tanadi NIN da BVN da hoton fasfo biyu. Wadda ta manta BVN ɗinta ta danna `*565*0#` a layin da ta yi rajista da shi. Za a tafi da dokokin ƙungiya a rubuce, da takardar zaman da aka amince a buɗe asusun, da takardar rajista daga ƙaramar hukuma. Wani bankin zai ƙara neman wasiƙar dagaci, don haka a aika mutum ɗaya ya tambayo tukuna, kada a ɓata kuɗin mota. Abin da ya fi mayar da mutane gida shi ne saɓanin suna: NIN ya ce Hauwa'u, BVN ya ce Kulu, ko ranar haihuwa ta bambanta. A duba wannan tun a gida.

Asusun ƙungiya kada a karɓar masa katin ATM, domin kati mutum ɗaya yake riƙewa, ya rushe dokar sa hannun mutum biyu. Saƙon alat ya riƙa shiga wayar magatakarda, a karanta shi a gaban kowa ranar zama, a gwada da littafi. Ba duka za a kwashe ba. A bar kamar 30,000 a akwati don asusun taimako, haihuwa da jinya ba sa jiran banki ya buɗe. Sauran, da zarar sun wuce haka, mutum biyu su kai, kuma kada a tsayar da rana ɗaya da kowa ya sani. In ta wajen mai POS za a zuba, a tabbatar sunan ƙungiya ya fito a na'urar kafin a miƙa kuɗi, a karɓi rasit, a tsaya har alat ya shigo. Rubutun rasit ɗin POS yana gogewa cikin 'yan watanni, magatakarda ta kwafe lambarsa da kwanan wata a littafi.

Banki ma yana da nasa ciwon kai. Ana cire 'yan kuɗin alat da na tura kuɗi. Wata rana sabis ya ɗauke. Kowa ya tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da mutum yana da kuɗi a asusu amma takardar ta gagara. Wahala aka sha, amma abin da ke asusu ko kwabo bai ragu ba, masu buhun tsofaffin kuɗi a ɗaki kuwa su ne suka yi ta neman wanda zai karɓa. Don haka a sanar da banki mako guda kafin rabo, ko kuma a tura wa kowace rabonta a asusunta.

Babban ɓarawon banki ta waya yake zuwa. Zai kira ki da sunanki, ya ce an rufe asusunki, ki karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido. Kashe wayar kawai. Kada ki sa shekarar haihuwarki a matsayin lambar, kada ki faɗa wa mai POS ya danna miki, ki kare da hannu ki danna da kanki. In waya ta ɓata, a ranar za a je a toshe layi da asusu, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Hajiya, in kin yarda, kafin a tashi a ɗaga hannu kan masu sa hannun nan uku. Wadda ba ta da NIN kuma ta ba magatakarda sunanta, a haɗa su mota ɗaya ranar Litinin. Na gode.