Takardar cikin gida: zurfin nitsa ma'aunin zafi a ƙanƙara

Daga shugaban ɗakin awo
Zuwa ga masu gwajin ma'aunan gilashi

Assalamu alaikum.

Na soke sakamakon gwajin ƙanƙara na ma'auni T-12 da aka shigar a littafi ranar Talata, kuma kada kowa ya yi aiki da gyaran −0.8 °C da aka liƙa masa. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Filas ɗin da aka ɗauko ne gajere, ƙanƙarar ta tsaya a kan alamar −30, duk abin da ke tsakanin nan da sifili yana waje yana shan zafin ɗaki. Tunda wannan na iya samun kowannenmu, ga yadda za a riƙa yi daga yau.

Kafin ku fasa ƙanƙara, ku juya bayan ma'aunin ku karanta abin da aka rubuta. Idan kun ga `TOTAL IMM`, an saita shi ne da ƙwansa da dukkan zaren ruwan da ke cikinsa a nitse, sai ɗan kan zaren kawai ya leƙo don a iya karantawa. Idan kun ga `76 MM IMM` ko wani tsawo makamancin haka, galibi da zobe a jikin gilashin, to iyakarsa zoben nan, ba sama ba ƙasa ba. Akwai nau'i na uku da ake nitsawa gaba ɗaya har kai, amma ba mu da shi a nan. Wanda babu rubutu kuma babu zobe, a duba takardar shaidarsa kafin a taɓa shi.

Dalilin a fili yake. Ruwan da ke cikin ma'auni, zaiba ne ko jan ruwan sifirit, ba a ƙwai kaɗai yake kumbura ba. Zaren da ya hau kara ma yana kumbura gwargwadon zafin inda yake. Ƙwai na cikin sifili, zare na cikin iskar ɗaki, sai zaren ya ƙara tsawo, karatu ya haura. Ga lissafin gyaran:

```
gyara = k × n × (T − t)
```

`n` shi ne yawan digirin da zaren ya fito waje, `T` zafin ƙwai (sifili a nan), `t` matsakaicin zafin zaren da ke waje. `k` kuwa kusan 0.00016 ne ga zaiba, kusan 0.001 ga jan ruwa. Ku lura da tazarar: jan ruwa ya ninka zaiba fiye da sau shida, shi ya sa sakacin da zaiba za ta rufa wa asiri jan ruwa yake tona shi nan take.

T-12 mai `TOTAL IMM` ne, na jan ruwa, daga −50 zuwa +50, sifilinsa a tsakiyar kara yake. Digiri 30 sun fito waje. Da muka sake kafa shi yadda aka yi ranar Talata, muka rataya wani ƙaramin ma'auni a gefen karan, ya nuna 28. Lissafi ya ba da 0.001 × 30 × (0 − 28), wato −0.84. Kusan dukkan +0.8 ɗin da aka karanta ke nan. Da zaiba ce, abin bai kai 0.14 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kuskuren ke zuwa bayan nan. Muna gwada ƙanƙara ne domin gilashin ƙwai yana canza girma a hankali cikin shekaru, kuma duk sauyin da aka gani a sifili ana ɗora shi a kan kowane maki na ma'aunin. Saboda haka kuskuren zurfi ba ya tsayawa a sifili. T-12 ne ke lura da firijin da dole ya zauna tsakanin 2 da 8. Da gyaran nan ya zauna, ranar da firijin ya kai 8.5 za a rubuta 7.7, a sa hannu, kowa ya tafi gida hankali kwance.

Mai zobe kuma akasin haka ake yi masa. Mutum ya saba da mai `TOTAL IMM`, sai ya danna shi har alamar sifili, yana ganin ya kyauta. Ɓangaren zaren da aka ƙera don ya zauna a waje ya yi sanyi ya tsuke, karatu ya faɗi ƙasa da gaskiya. Idan tsakanin zobe da sifili ya kai tsawon digiri 25, kuma takarda ta ce an saita shi da kara a 25 °C, zaiba za ta sauka da 0.1, jan ruwa da kusan 0.6. Ko an tsaya a zoben daidai, magana ba ta ƙare ba: a watan Afrilu, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, karan na iya kaiwa 35. A nan sai a yi lissafin da zafin da takarda ta ambata a madadin `T`. A misalin nan gyaran −0.04 ne ga zaiba, −0.25 ga jan ruwa. Na farkon ƙila bai kai a damu ba, na biyun ya kai. In ɗaki ya yi zafi, gara a ɗage gwajin zuwa safiya.

Haɗa ƙanƙarar kun san shi, don haka ba zan ja ba. Ruwan da aka tace ta tururi, shi za a daskarar, shi za a zuba. A niƙe ƙanƙarar ta yi laushi kamar tsaki, a jiƙa ta, domin wadda ta fito daga firiza tana iya zama a −18. A yi amfani da dogon filas, a cika shi har baki. Abu ɗaya da ya shafi zurfi kai tsaye: ruwa ya fi nauyi a kusan 4 °C, don haka in ƙanƙara ta narke ta fara yawo a sama, ruwan da ya taru a gindi ya ɗara sifili. Mai neman zurfi sai ya tura ƙwai cikin wannan ruwan, ya gyara kuskure ɗaya ya sayo wani. A riƙa zuƙe ruwan da ya yi yawa ana ƙara ƙanƙara, kuma a bar aƙalla santimita 2 zuwa 3 na matsattsiyar ƙanƙara a ƙarƙashin ƙwai.

A huda rami da sandar gilashi mai tsabta, ba da ƙwan ma'aunin ba. A kafa shi tsaye da maƙali, a matsa ƙanƙara a jikinsa. Ga mai `TOTAL IMM`, a rufe shi har alamar sifili, lokacin karatu a janye ƙanƙarar kaɗan ko a ɗaga shi da layi ɗaya ko biyu. A jira karatu ya tsaya cak, a ɗan ƙwanƙwasa karan da yatsa, ido daidai da kan zaren. Sannan a ƙara nitsa shi da santimita ɗaya, a jira, a ɗago a sake karantawa. In an ga bambanci, zurfin bai isa ba ko ƙanƙarar ta saki. Ma'aunin da aka yi aiki da shi a zafi mai yawa kuwa a bar shi kwana 3 a ɗaki kafin a gwada, don sifilinsa kan sauka na ɗan lokaci, kada a ɗora wa zurfi laifin da ba nasa ba.

Na ƙara layi uku a fom ɗin gwaji: nau'in nitsawa, alamar da ƙanƙara ta tsaya a kai, da zafin kara. Fom ɗin da ya zo ba su ba zan sa masa hannu ba. In ma'auni ya fi filas tsawo, a rubuta `n` da `t`, a yi lissafi a gefe yadda zan gani.

Ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe za a sake gwada T-12 da sauran masu jan ruwa da aka duba da gajeren filas. Mai aikin Lahadi ya daskarar da ruwa tun da yamma.

Nagode.
Shugaban ɗakin awo