Abin da muka tsayar a zaman jiya Asabar kan burtsatse, da aikin da ke kan kowa

Assalamu alaikum jama'a,

Da fatan kowa ya tashi lafiya, ya sanyi. Ga taƙaitaccen abin da aka yi a zamanmu na jiya Asabar 11 ga Janairu 2025 a harabar masallaci bayan la'asar. Mu goma sha ɗaya muka zauna, Alhaji Bala ya bada uzuri yana Abuja, Malama Hadiza kuma ba ta jin daɗi, Allah ya ƙara sauƙi. Dan Allah a karanta har ƙarshe, kar a ga tsayi a tsallake, don sunan kowa yana ciki da ranar da ake jiran aikinsa.

Babbar magana dai an gama ta: za mu mayar da burtsatsen kan sola, an haƙura da janareto. Mutum tara suka ɗaga hannu, Baba Liman da Malam Isa suka ce su da a gyara injin a lallaɓa zuwa bayan sallah, amma da ma'aji ya karanto abin da mai da gyara suka ci daga Yuli zuwa Disamba sai kowa ya yi shiru, kuɗin da ake tarawa a famfo gaba ɗaya a bakin injin nan yake ƙarewa, ga shi sati uku kenan yana kwance yaranmu suna bin 'yan garuwa da jarka. Burinmu ruwa ya zubo kafin azumi, wato farkon Maris in Allah ya kai mu, shi ya sa duk ranakun da ke ƙasa suka matse haka.

Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da Injiniya Kabiru ya dage a kai kuma aka amince, ba za a sayi ko ƙusa ba sai an wanke rijiyar an gwada ƙarfin ruwanta. Ya ce zurfinta mita 48 ne a takardar da aka haƙa ta, amma ba wanda ya san yanzu lita nawa take bayarwa a awa, in muka je muka sayo famfo mai ƙarfi ya fi ƙarfin rijiyar zai riƙa zuƙe ruwan ya koma jan iska da yashi har ya ƙone, kuma ruwan ƙasa ya fi ja baya wajen Afrilu da Mayu, lokacin da aka fi buƙatarsa. Ni gaskiya wannan ce maganar da ta fi min ma'ana a duk zaman, mun riga mun ƙona famfo ɗaya a 2023 ta irin wannan gaggawar. Don haka Injiniya zai kawo masu kwamfaresa su wanke su gwada ranar Asabar 18 ga Janairu, ya turo mana sakamako a rubuce zuwa Litinin 20. Ma'aji zai ba shi 120,000 na wannan aikin kafin Laraba 15, daga cikin asusu.

An kuma yarda ba za a sa batir ba. Famfon zai yi aiki kai tsaye da rana ya cika tanki, da daddare a sha abin da aka tara, shi ya sa za a ƙara tanki na biyu mai lita 5,000 kusa da na yanzu, da ɗan makunnin nan da ke kashe famfo da kansa in tanki ya cika. Fanel kuma lissafin farko guda shida ne masu wat 550, amma wannan zai iya canzawa bayan gwaji.

Maganar kuɗi. Ƙiyasin Injiniya 3,800,000 ne duka da kuɗin gwajin da na aiki. A asusu akwai 1,350,000. An yanke kowane gida 25,000, gida 62 kenan 1,550,000, shaguna tara na bakin titi 40,000 kowanne tunda su suka fi ɗiba, 360,000 kenan. Alhaji Bala ya yi alkawarin 300,000 ta waya Allah ya saka da alheri, sai tsohon janareto da muke sa ran zai kawo wajen 250,000. In komai ya shigo mun tashi 3,810,000, kun ga dai da ƙyar muka haura, in gida ɗaya ma ya maƙale shi kenan an samu giɓi. Gidajen marayu huɗu da ke layin baya ba sa cikin 62 ɗin, an ɗauke musu, kar wani ya je ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wanda ba zai iya biya lokaci ɗaya ba ya raba biyu, rabi kafin Juma'a 31 ga Janairu, ragowar kafin Asabar 8 ga Fabrairu.

Karɓar kuɗi: Malam Sani ma'aji da Auwalu su ne na layin masallaci da shaguna, Hajiya Binta da Maman Khalifa su shiga gidajen layin baya da na makaranta tunda su za su iya shiga ciki su ga matan gida. Duk wanda ya biya a yanka masa rasit nan take ko da tiransifa ya yi, hoton alat a WhatsApp ba rasit ba ne, mun sha wannan rigimar lokacin kuɗin kwalbati. Malam Sani zai riƙa saka jerin waɗanda suka biya duk daren Juma'a, farawa daga 17 ga wata. Fitar da kuɗi kuma sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, ciyaman, ma'aji da ni.

Malam Isa da Injiniya za su zaga Sabon Gari su kawo farashin fanel da famfo da waya daga shago uku daban-daban, a rubuce, da bayanin garanti na kowanne, kafin Asabar 25 ga Janairu. Ba a ce mafi araha za a ɗauka ba, kwamiti ne zai duba ya zaɓa. Nura mai walda zai je Ƙofar Ruwa ya jiyo kuɗin ƙarfen da za a ɗora sabon tanki da na firam ɗin fanel, shi ma 25 ga wata, kuma an ce ya lissafa har da waldar da za ta kulle fanel ɗin yadda ba za a kwance su da sufana cikin dare ba. Sayar da janareto yana hannun Auwalu, amma kar ya sallama ƙasa da 220,000 sai ya kira ciyaman, wa'adinsa 1 ga Fabrairu. Ciyaman zai je ya sanar da Mai Unguwa cikin satin nan kafin masu kwamfaresa su zo su cika layi da ƙara da taɓo. Ni kuma zan rubuta takardar sanarwa da Baba Liman zai karanta bayan sallar asuba ranar Juma'a, zan kai masa ranar Laraba.

In kuɗi ya haɗu za a yi sayayya daga 10 zuwa 12 ga Fabrairu, a fara ɗaurawa Asabar 15, a gwada ruwa kafin 22, ya rage mana sati guda na gyaran abin da ya ɓaci.

Abu biyu ba a gama ba, magariba ta kore mu. Na farko nawa za a riƙa sayar da jarka bayan an koma sola, wasu sun ce kyauta tunda ba mai, Hajiya Binta ta ce to ranar da famfo ya lalace da me za a gyara, ni ina bayanta. Na biyu wa zai riƙa wanke fanel, don ƙurar hunturun nan in ta kwanta a kai ruwa raguwa yake sosai, Injiniya ya ce aƙalla sau ɗaya a sati kuma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kowa ya zo da shawararsa.

Zama na gaba Lahadi 26 ga Janairu bayan la'asar, wuri ɗaya, ƙarfe 4:30 za a fara ko mutum nawa ne suka zo. In na rubuta wani abu ba daidai ba, ko wani ya ga ranar da aka sa masa ba za ta yiwu ba, ya amsa wannan saƙon kafin daren Talata 14 a gyara, in ban ji komai ba zan ɗauka kowa ya karɓi nasa. Auwalu dan Allah ka karanta wa Baba Liman da Nura tunda ba sa buɗe imel.

Nagode, Allah ya bar zumunci.

Musa Garba
Sakataren kwamiti