Tsarin Babi na Biyu: Bitar Ayyukan da Suka Gabata kan Sauraron Waƙa da Tunawar Tsofaffi a Zariya

Tambayar da bitar za ta amsa ɗaya ce: shin sauraron waƙa yana inganta tunawar tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama, ko kuwa hankali kawai yake kwantar musu? Duk aikin da bai taɓo wannan tambayar ba, ba zai shiga babin ba.

2.1 Hanyar zaƙulo ayyuka. Za a binciki rumbunan ayyukan bincike na PubMed, PsycINFO, CINAHL da AJOL, daga 2000 zuwa yau, a nuna yadda aka tace ayyukan bisa PRISMA 2020, wato ƙa'idar rubuta rahoton bita. Ga kalmomin da za a yi binciken da su:

```
("music listening" OR "individualized music") AND (memory OR dementia) AND (elderly OR "older adults")
```

2.2 Dalilin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Sakin layi biyu sun isa, a jingina da aikin Jacobsen da abokansa na 2015, wanda ya nuna cutar Alzheimer ba ta saurin cin sassan da ke riƙe da waƙar da mutum ya daɗe da sani.

2.3 Gwaje-gwaje. Nan ne ƙashin bayan babin, shafi takwas cikin goma sha biyar. Ba za a jera su shekara bayan shekara ba, domin hakan kan mayar da bita ta zama rajista. Za a kasa su bisa irin tunawar da aka auna: tuna tarihin rayuwa daban, riƙe sabon bayani daban. Mai bincike Särkämö ya gano sauraron waƙa na kawo ci gaba wajen tuna kalmomi a 2008, amma a kan masu shanyewar ɓarin jiki 60 a ƙasar Finland, don haka ba a haɗa shi da masu ciwon mantuwa a jadawali ɗaya. Bitar 2018 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, wadda ta ƙunshi gwaji 22, ta ga raguwar alamun damuwa, amma kusan babu tasiri kan aikin ƙwaƙwalwa. Dole a ajiye ta kusa da sakamakon da ya yi armashi. Ɓoye ta rashin amana ne. Haka kuma sauraro kaɗai daban yake da rerawa ko zama da ƙwararren mai jinya da waƙa, kuma cakuɗa su ne ya fi ɓata irin wannan bita.

2.4 Ma'auni. Gwajin auna ƙwaƙwalwa na MMSE mai maki 30 yana tauye wanda bai yi boko ba, alhali tsofaffinmu da yawa karatun allo suka yi. Za a gwama shi da CSI-D, gwajin gano ciwon mantuwa da aka yi aiki da shi a Ibadan.

2.5 Giɓin da ke nan gida. Yawancin gwaje-gwajen a gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka aka yi su. A Zariya kuwa 'ya'ya, surukai da jikoki ne ke jinya a cikin gida, galibi da rediyo a gefen tabarma. Wata tsohuwa waƙar daka ce za ta tayar mata da ƙuruciya, wani dattijon kuma bege kaɗai zai yarda ya saurara. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, saboda haka ayyukan da suka shafe shi za a ware musu ƙaramin sashe nasu kafin a rufe babin.