Waƙar Rigakafi ga Iyaye Mata na Garwa

Amshi:
Uwa, ki goya ɗanki ki kawo shi rigakafi,
Kyauta ake yin sa, ba a karɓar ko dala.

Ranar da kika haihu, tun kafin a yi suna,
Za a yi masa allurar tarin fuka a hannu,
A ɗiga masa maganin shan inna a baki,
Domin ƙafar da za ta kai shi makaranta kada ta shanye.

Idan ya cika mako 6, ki zo da katinsa,
Ki sake zuwa a mako na 10 da na 14,
Domin allura guda tana tare cututtuka 5,
Har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta,
Amma sai an yi ta sau 3 ƙarfinta yake cika.

A wata na 9 lokacin allurar ƙyanda ya yi,
Ita ce cutar da ke makantar da yara.

Idan jikinsa ya yi zafi bayan allura,
Kada ki tsorata, Inna, ki ba shi nono,
Zafin zai sauka cikin kwana ɗaya ko biyu,
In kuwa ya daɗe, ki koma wurin likita.

Maigida, don Allah ka ba ta izinin fita,
Goggo, ki riƙe mata sauran yaran,
Ko daga ƙetaren Binuwai take, ta zo da sassafe.