Neman afuwa kan kuskuren da ke cikin takardar lissafi mai lamba 0417

Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan ana lafiya. Na rubuto ne kan takardar lissafin kaya mai lamba 0417 da muka aiko muku ranar Alhamis, 8 ga Mayu. Akwai kuskure a cikinta, kuma daga wajenmu yake. Mun rubuta 1,830,000 alhali abin da ya kamata ku biya shi ne 1,493,750. Tunda kun riga kun biya duka tun ranar Litinin, yanzu kuɗinku 336,250 suna hannunmu. Muna neman afuwa a kan haka, da kuma ɓata wa akawunku lokaci da aka yi wajen bin diddigin lissafin da mu ya kamata mu tantance kafin ya fita.

Da akawun naku ya kira jiya, maganar bututu kaɗai ya kawo, kuma yana da gaskiya. Kun yi odar bututun roba mai inci 4 guda 240, kowanne a kan 6,500. Ranar lodi 200 ne kawai a sito, su aka kai muku, su kuma mai kula da kayanku ya ƙirga ya sa hannu. Amma takardar lissafin ta fita da 240. Wannan ya ɗora muku kuɗin bututu 40 da ba ku karɓa ba, wato 260,000.

Da na zauna na bi takardar layi-layi, sai na tarar da kuskure na biyu, wanda ba ku ambata ba. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu a watan Afrilu ta ba ku rangwamen kashi 5 cikin 100 a kan duk kayan da kuka saya daga 1 ga Mayu. Ba a cire muku shi ba. A wannan odar rangwamen ya kama 76,250. Idan aka haɗa da na bututun, shi ne 336,250 ɗin da na faɗa a sama.

Ga lissafin yadda ya kamata ya kasance:

Bututu mai inci 4, guda 200 a kan 6,500: 1,300,000
Gwiwar bututu, guda 150 a kan 900: 135,000
Gam, gwangwani 24 a kan 3,750: 90,000
Jimillar kaya: 1,525,000
A cire rangwame: 76,250
Kuɗin mota: 45,000
Abin biya: 1,493,750

Wataƙila idan akawunku ya lissafa rangwamen da tsohuwar takarda zai samu 89,250, ya ga kamar mun sake rage muku wani abu. Bambancin ya zo ne daga inda aka ɗora kashi biyar ɗin. Shi zai ɗora a kan 1,785,000, wanda ya ƙunshi bututun da ba a kawo ba, mu kuma mun ɗora a kan kayan da suka isa hannunku. Ragowar 13,000 ba ta ɓace ba, za ta fito a lissafin bututu 40 ɗin idan an kawo su. Kuɗin mota kuwa ba ya cikin rangwame, kamar yadda yarjejeniyar ta nuna.

Yadda abin ya faru shi ne, an fitar da takardar lissafin daga takardar oda tun motar ba ta dawo ba. Mai kula da sitonmu ya gyara adadin da biro a jikin takardar rakiyar kaya, ya soke 240 ya rubuta 200, amma wannan takardar tana hannun direba har washegari da safe. Da ta iso ofis sai aka saka ta a fayil ba tare da an gwada ta da abin da aka riga aka aika muku ba. Shi kuwa rangwamen, yarjejeniyar tana nan a rubuce, sai dai ba a shigar da ita cikin bayananku a kwamfuta ba, saboda haka kwamfutar ta lissafa muku da farashin kowa da kowa. Sa ido a kan abubuwan nan biyu aikin sashena ne, ba na direba ko na mai sito ba.

Mun soke takarda mai lamba 0417. Tare da wannan wasiƙa akwai sabuwar takardar lissafi mai lamba 0431, da takardar ragin kuɗi mai lamba 0058 wadda ta nuna 336,250, da kofin takardar rakiyar kayan da aka sa wa hannu. Don Allah akawunku ya rubuta “an soke” a jikin tsohuwar ya haɗa ta da sababbin, kada ya yaga ta. Lambarta ce a kan shaidar biyan da kuka yi ta banki, kuma duk wanda zai binciki littattafanku a ƙarshen shekara zai nemi ganin ta.

Na kuma duba sauran takardu uku da muka aiko muku a bana, na gwada kowacce da takardar rakiyarta. Adadi da farashi duk sun yi daidai, kuma dukkansu sun riga ranar da rangwamen ya fara aiki.

Saura maganar mayar da kuɗi, kuma zaɓi naki ne, Hajiya. Muna iya mayar da 336,250 gaba ɗaya cikin asusun da kuka biya da shi. Ko kuma, idan har yanzu kuna buƙatar bututu 40 ɗin, muna sa ran isowarsu ranar Alhamis, 22 ga Mayu. Kuɗinsu bayan rangwame 247,000 ne, sai mu riƙe wannan mu mayar muku da 89,250. Ba za ku biya kuɗin mota a karo na biyu ba, domin mu ne muka raba odar gida biyu. A ganina, in aikin zai iya jira zuwa ranar, hanya ta biyu ta fi sauƙi ga littattafanmu duka, amma idan kuɗin sun fi muku amfani a hannu yanzu, babu wata damuwa. Idan ba mu ji daga gare ku ba zuwa azahar ɗin gobe Alhamis, za mu mayar da kuɗin duka ranar Juma'a, 16 ga Mayu, in sha Allah, mu aiko muku da shaidar banki a ranar.

Wata tunatarwa kuma: asusun da kuka saba biya a cikinsa bai canza ba, kuma ba ma buƙatar ku turo komai kafin a mayar muku da kuɗinku. Duk saƙon da ya zo da sunanmu yana cewa akasin haka, ku kira ofis kafin ku yi wani abu.

Daga yau ba a fitar da takardar lissafi sai takardar rakiya mai sa hannun mai karɓa ta dawo ofis an gwada su. Rangwamenku ya shiga kwamfuta tun jiya da yamma, na fitar da takardar gwaji na ga ya cire kansa. Takardunku uku masu zuwa kuma ni da kaina zan duba su kafin a aiko.

Idan akawunku ya ga wani adadi da bai yi daidai da nasa ba, ya neme ni kai tsaye ta layin ofis, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, mu bi shi tare.

Mun gode da kuka sanar da mu da wuri. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam,
Shugaban Sashen Lissafi