Takardar Amincewar Uba Kan Tafiyar 'Yarsa Zuwa Ghana

Unguwar Gwammaja, Kano
8 ga Disamba, 2025

Zuwa ga jami'an Hukumar Kula da Shige da Fice ta Najeriya da takwarorinsu na Ghana.

Bayan gaisuwa, ni Sani Garba Ɗambatta, ɗan Najeriya, mahaifin Hauwa'u Sani, wadda aka haifa a Kano ranar 3 ga Maris, 2016, na amince da son raina, ba tare da tilas ba, ta yi tafiya zuwa Ghana tare da mahaifiyarta, matata Rabi Usman. Za su tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ranar 20 ga Disamba, 2025, su sauya jirgi a Legas zuwa Accra, su sauka a gidan kakar yarinyar ta wajen uwa da ke unguwar Nima, sannan su dawo ranar 4 ga Janairu, 2026. Ziyarar zumunci ce lokacin hutun makaranta, ni kuma aiki ne ya riƙe ni a Kano.

Ina roƙon jami'in da zai duba fasfunansu ya lura da abu ɗaya, domin na san shi ne zai fara ɗaukar hankalinsa: sunan mahaifiyar da na yarinyar ba su haɗu a ko'ina ba. Wannan ba kuskure ba ne. Rabi tana amfani da sunan mahaifinta, Usman, kamar yadda mata da yawa a wajenmu suke yi bayan aure, ita kuwa Hauwa'u sunana take ɗauke da shi. Takardar haihuwarta ta asali, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bayar, tana hannun mahaifiyar, kuma sunayenmu mu biyu suna kai. Na san tambayoyin da ake yi a kan iyaka domin kare yara daga masu safarar mutane ake yin su, don haka ban da ja idan aka keɓe yarinyar a gaban mahaifiyarta aka tambaye ta sunanta, da inda za ta, da wadda take tare da ita.

Haɗe da wannan takarda akwai hoton shafin fasfona mai ɗauke da sa hannuna domin a gwada shi da wanda ke ƙasan wannan takarda, na kuma rubuta lambar wayata a bayansa. A kira ni kowane lokaci. Akwai shaidar aurenmu, da tikitin dawowa, da katin allurar shawara na kowaccensu, da fassarar takardar nan da Turanci.

Na ba mahaifiyar ikon yanke shawara kan lafiyar yarinyar idan larura ta taso. Amincewata ta tsaya kan Ghana kaɗai, ba ta shafi wucewa wata ƙasa ba, kuma ba ta ba kowa damar tafiya da ita in ba mahaifiyarta ba. Takardar za ta daina aiki ranar 10 ga Janairu, 2026.

Na sa hannu a gaban kwamishinan rantsuwa na Babbar Kotun Jihar Kano, wanda hatiminsa yake ƙasa.

Naku cikin girmamawa,
Sani Garba Ɗambatta