Lissafin shago na watan Satumba

Salam Yaya, da fatan ka wuni lafiya, ya jikin Inna? Na gama duba littafin jiya da daddare, wallahi sai da na kai wajen ƙarfe ɗaya saboda rubutun yaron nan wani wurin sai ka rantse kaza ce ta yi tonon ƙasa. Ga abin da na fitar.

Kuɗin da suka shigo gaba ɗaya ₦1,706,000 ne. Cinikin tsabar kuɗi ₦1,184,500, na POS da taransifa ₦463,000, sai bashin da mutane suka biya ₦58,500. An kuma tsallako daga Agusta da ₦64,000, wannan ban haɗa shi da ciniki ba.

Waɗanda suka fita kuwa:

Sari a kasuwar Singa, zuwa huɗu: ₦1,312,000
Burodi da fiya wata da ake kawowa: ₦96,400
Dako da adaidaita: ₦27,000
Wuta da man janareta: ₦41,500
Albashin yaron shago da abincinsa: ₦35,000
Shara, 'yan sintiri da rasit ɗin ƙaramar hukuma: ₦6,500
Adashenka: ₦40,000
Cefanen gida: ₦88,000

Wannan ya kama ₦1,646,400, sai wasu guda biyu da na ware don ba na kowane wata ba ne, gyaran firiza ₦22,000 ranar 9 ga wata, shi dai akwai rasit kuma na tuna an yi, da kuma ₦15,000 ranar 21 da aka rubuta "an ba Alhaji" kawai. Wane Alhajin? Mai shago ne aka rage masa haya, ko na Singa, ko aro ne? Rubutunka ne ba na yaro ba, don haka kai za ka tuna. In aro ne a mai da shi shafin bashi. Da su jimillar ta zama ₦1,683,400.

To in ka cire, rarar wata ₦22,600 ce, ka ɗora a kan na Agusta ya kamata a ce akwai ₦86,600 tsakanin durowa da akawun. Da muka ƙirga ranar 30 abin da muka samu ₦73,100 ne. Giɓin ₦13,500 kenan.

Kada ranka ya ɓaci tukuna, na gano wani ɓangare. Ranar 12 an rubuta taransifar ₦8,500 sau biyu, ɗaya da rana ɗaya da yamma, na bi alat ɗin wayar shago ɗaya bayan ɗaya sau ɗaya kuɗin suka shigo, ina ganin kai ka rubuta kafin ka tafi masallaci shi ma da ya ga alat ya sake rubutawa. In an cire wannan saura ₦5,000, ita ce ban gano ba. Ni dai ban ce yaro ya taɓa ba, dubu biyar a wata guda canji ma kaɗai zai iya cinye ta, balle ranar 18 da 19 ba a rubuta kuɗin dako ba alhali an yi sari a ranar 18.

Man janareta ma ya ɗan yi yawa amma satin da taransifoma ta lalace ne, ba komai.

Abin da ya fi damuna ba giɓin ba ne Yaya, maganar gida ce. ₦88,000 ɗin nan tsabar kuɗi ce kawai da aka ɗauka a durowa. Taliya, sukari, madara, sabulu, man gyaɗa da yara ke zuwa ɗauka kullum a ce Anti ce ta aiko, sau uku kacal na ga an rubuta a duk watan, kuma ni da idona na ga an ɗauki katan ɗin taliya ranar sunan nan, babu shi a littafi. Shi ya sa ba zan iya ce maka ga ribar shago ba, rarar kuɗi daban riba daban, sai an ƙirga kayan da ke kan kanta an san nawa gida ya ci. Ba cewa na yi kada a ɗauka ba, shagonka ne, a rubuta dai. Na sayo ƙaramin littafi na ajiye ƙarƙashin sikeli, na gida kawai.

Sai bashi. An karɓo ₦58,500 amma sabon da aka bayar ₦71,200 ne, kuma ₦26,000 a ciki na mai shayin bakin titi ne shi kaɗai, tun ranar 6 bai kawo ko sisi ba kuma har yanzu ana ba shi madara da burodi. Ni ba zan iya yi masa magana ba, sa'anka ne.

In Allah ya kai mu Asabar bayan la'asar zan zo mu ƙirga kaya, ka ce wa yaro kada ya tafi da wuri. Ka gaida Anti.